A Kula da Firji

Rubutun da ya fi jawo mini asara a rayuwata kalma goma sha biyar ne kacal. Na rubuta shi a waya, ina zaune a kujerar baya ta motar Gusau, gari bai gama wayewa ba, hannuna yana rawa don sanyi da tashin hankali. Ga abin da na tura:

"Anti, Hajiya ba lafiya, na tafi Gusau. A kula da firji. Komai yana cikin rijista."

Da na danna shi ya tafi har ajiyar zuciya na yi, wai na sauke nauyi. A ganina na miƙa aiki.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a kudancin jihar Kano, kuma rigakafin yara ne a hannuna. Mu huɗu ne a wurin, sai Baba maigadi na biyar. Akwai Malam, wato incaj ɗinmu, akwai Anti mai karɓar haihuwa wadda ta girme ni da shekaru kusan goma sha biyar, akwai ni, sai wani matashi mai yankan kati da muke kira Auta. Kowa da nasa aikin, kuma ko da yake kowa ya taɓa riƙe na wani, akwai abubuwan da mai aiki ne kaɗai ya san su, don shi yake kwana da su yana tashi da su.

A wancan lokacin firjinmu irin mai buɗewa ta sama ne, mai kama da akwati, wanda bangonsa ke riƙe ƙanƙara don ya jure ɗaukewar wuta. Allurar rigakafi tana son sanyi daga digiri 2 zuwa digiri 8, kada ya haura, kada ya sauka. Kowa ya san zafi yana lalata ta. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne wasu alluran sanyi ne ajalinsu. Allurar ƙyanda da ɗigon shan-inna ba ruwansu da ƙanƙara. Amma fenta, wadda ake yi wa jariri a cinya yana da sati shida, da sati goma, da sati goma sha huɗu, idan ta daskare sau ɗaya ta tashi daga aiki. Akwai wani sinadari a cikinta da ke taimaka wa jiki ya karɓi maganin, kuma ƙanƙara tana dunƙule shi ya zama gudaji, ba ya komawa yadda yake ko da ta narke. Mugun abin shi ne kwalbar ba ta nuna komai. Ɗan tambarin nan da ke jikin kwalba, mai murabba'i a cikin da'ira, wanda ke yin duhu idan allura ta sha zafi, shi zafi kawai ya sani. Kwalbar da ta daskare da dare ta narke da safe za ka ɗauke ta tambarinta fes.

Firjin nan na san halinsa kamar yadda mace ta san murhunta. Ƙasansa ya fi samansa sanyi nesa ba kusa ba, kuma da hunturu ƙasan yakan sauka ƙasa da sifili cikin dare. Saboda haka ƙyanda da shan-inna ne a kwandon ƙasa, fenta kullum a kwandon sama. Ban taɓa rubuta wannan a ko'ina ba. Me zai sa in rubuta? Ni ce ke buɗe shi.

Ranar Talatar da na tafi ita ce ranar karɓo kason wata daga ma'ajiyar sanyi ta ƙaramar hukuma. Anti, Allah Ya saka mata, ta bar nata aikin ta hau babur ta karɓo. Fentarmu ta ƙare ƙarƙaf, sai aka ba ta kwalba takwas, kowace ta yaro goma, tare da ƙyanda da shan-inna. Ta dawo ta buɗe firji ta ga kwandon sama a cike, ta ga wuri a ƙasa, ta jera su a can. Ta ma tuna cewa 'yar na'urar da ke auna sanyi kullum tana kusa da fenta, sai ta sauko da ita ta ajiye musu. Ta rufe, ta cike rijista da kyau. Wato dai ta kula da firji, kamar yadda na ce.

Washegari Laraba ranar rigakafi. Ta duba na'ura da hantsi ta ga digiri 2, ta rubuta a jadawali. Akwai wata 'yar alama ta X a gefen lambar, amma ba wanda ya taɓa gaya mata ma'anarta. Na'urar tana fitar da ita ne idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili da rabin digiri ya daɗe awa guda, ko zafi ya wuce digiri 8 na tsawon awa goma. Ranar ta yi wa yara goma sha ɗaya fenta.

Sai Litinin na dawo, Hajiya ta samu sauƙi. Ko jakata ban ajiye ba na ɗaga murfin firji, don haka na saba. Da na ga kwalaben a ƙasa sai cikina ya ɗuri ruwa. Na danna na'urar na koma baya kwana-kwana, domin tana riƙe bayanin kwana talatin, na ga tun daren Talata ta taɓa digiri 2 ƙasa da sifili, kuma ta maimaita a dararen da suka biyo.

Akwai gwajin da ake yi, kuma mun yi shi tare da jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma. Ana ɗaukar kwalba ɗaya daga kason a sa ta a firiza da gangan ta kwana ta daskare tauri, a rubuta a jikinta, a bar ta ta narke. Sai a riƙe ta tare da wadda ake zargi a hannu ɗaya, a girgiza su da ƙarfi kamar daƙiƙa goma sha biyar, a ajiye su gefe da gefe inda haske ke ratsa su, a zuba ido. Lafiyayyar allura takan daɗe a gauraye kamar ruwan koko. Wadda ta daskare nan da nan gudajin ke kwantawa ƙasa, sama ya washe. Namu kwalaben suka kwanta tare da wadda muka daskarar, kamar sun yi shawara. Na yara tamanin aka ba mu, an yi wa goma sha ɗaya, na sittin da tara suka tafi a banza.

Asarar kwalba ba ita ta hana ni barci ba. Yaran nan goma sha ɗaya an soke su, sun yi kuka, wasu sun yi zazzaɓin dare, an rubuta a katinsu cewa sun samu, alhali ba za a iya cewa sun samu kariya ba. Jami'in ya ce sai an sake musu. Ke nan sai mun bi gida-gida mun gaya wa iyaye cewa allurar da muka yi wa ɗansu ba ta da kyau. Duk wanda ya san yadda aka yi fama a jihar nan tun lokacin da aka dakatar da ɗigon shan-inna a 2003, da shekarun da aka ɗauka ana lallashin mutane, ya san nauyin wannan jimlar a bakin ma'aikacin lafiya. Wani magidanci ya tsaya a ƙofar zaure ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, ku da kanku kun ce ta farko ta lalace. Wa zai ce mini ta biyun ba ta lalace ba?" Ban da amsar da ta wuce gaskiya, ita na faɗa masa, kuma sai da mai unguwa ya sa baki bayan sati biyu ya bari.

Anti ba ta ce mini komai ba sai ranar da muka dawo daga gida na ƙarshe. Muna wanke ƙafa a bakin randa ta ce, "Ƙanwata, da kin ce mini kada in sa a ƙasa, da ban sa ba." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi.

Na daɗe ina juya saƙon nan nawa. Babu ƙarya a ciki, babu kuskuren rubutu. Matsalarsa ita ce ni na rubuta wa, ba Anti ba. "A kula da firji" a kaina magana ce cikakkiya, tana ɗauke da kwandon sama da na ƙasa, da hunturu, da alamar X. A idon Anti kalmomi huɗu ne da ba su ce mata komai ba face abin da ta riga ta sani. Ga kuma wannan "a" ɗin. A kula. Wa zai kula? Hausa ta ba mu wannan hanyar ta yin umarni ba tare da an nuna kowa da yatsa ba, kuma tana da daɗi wajen ladabi, amma a takardar miƙa aiki guba ce, domin aikin da aka ce "a yi" kowa yana zaton ɗan'uwansa ake nufi. "Komai yana cikin rijista" kuwa ita ta fi muni. Rijista tana faɗin abin da aka yi. Ba ta faɗin abin da zai lalace gobe.

Mu da muke koyon rubutu mun san wannan ciwon ta wata fuska. Ka rubuta labari, a ranka ka ga ɗakin, ka san dalilin da ya sa yarinyar ta ƙi gaida kawunta, sai mai karatu ya tambaye ka, ka ce ai a bayyane yake. A kanka yake a bayyane. Bambancin kawai shi ne mai karanta labari zai ajiye littafin ya yi gaba, mai karanta takardar miƙa aiki kuwa zai cike giɓin da abin da ya ga ya dace, ya aikata.

Bayan shekara biyu da 'yan watanni aka sake jarraba ni. Wata Laraba ce a ƙarshen Afrilu, ana tsakiyar zafi, ina cikin rigakafi mata sun cika benci. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin waya ta shigo cewa maigidana ya yi haɗari a hanyar Zariya, yana asibiti, ƙafa ta karye, yana magana. Wannan "yana magana" ita ta riƙe ni a tsaye. Baba maigadi ya tafi neman mai babur da zai fitar da ni bakin titi, kuma na san kafin ya samo za a yi minti ashirin ko fiye. Na so in zauna in yi kuka. Na ɗauko takardar ƙirga ta ranar, na juya bayanta, na fara rubutu.

Abin da ya fara zuwa kaina shi ne rahoton wata, don shi ne ke jawo mana kira daga sama. Har na rubuta kalmar "rahoto" na soke ta. Na tambayi kaina tambaya ɗaya: idan ba wanda ya taɓa komai, mene ne zai fara lalacewa, kuma ƙarfe nawa? Da na yi wannan tambayar sai abubuwan suka jera kansu, kuma rahoton da nake tsoro ya faɗa can ƙasa. Abin da ke sama shi ne wata 'yar kwalbar ƙyanda da ke zaune a soson kula a kan teburina, wadda na haɗa da safe. Allurar ƙyanda gari ce, sai an zuba mata ruwan haɗinta, kuma daga lokacin da aka haɗa awa shida gare ta, ko a tashi daga zaman rigakafin, duk wanda ya riga zuwa. Bayan nan ƙarfinta ya tafi, kuma ƙwayoyin cuta na iya girma a ciki har ta yi wa yaro mummunar illa. Ƙa'ida ita ce a rubuta lokacin haɗawa a jikin kwalba. Ranar ban rubuta ba, na riƙe a kai. Wato dai halin nawa bai gama barina ba.

Takardar tana nan, Anti ta adana mini. Ga yadda sashen farko yake:

"YAU, KAFIN LA'ASAR. Anti, ke za ki ƙarasa mata tara da ke kan benci, katinsu na hannun Auta a jere. Kwalbar ƙyanda da ke cikin soso na haɗa ta 9:40, saura na yara huɗu. Ta shawara na haɗa ta 10:00. Da kin sallami ta ƙarshe ki zubar da ragowar duka biyun, ko da sun rage da yawa, kuma ko mata ba su ƙare ba kada ki yi amfani da ƙyanda bayan 3:40, shawara bayan 4:00. Kada su koma firji. Jarirai uku na jiran ta tarin fuka, ban buɗe ba. Ki buɗe musu, kada a ce su dawo."

Jimlar ƙarshen nan da dalili na sa ta. Kwalbar allurar tarin fuka ta jarirai ashirin ce, ita ma awa shida gare ta, kuma duk mai tausayin kaya zai ji ciwon buɗe ta saboda uku. Na san Anti, ba ta son ɓarna, za ta ce su dawo Laraba mai zuwa a haɗa su da wasu. Ni kuma na san ɗaya daga cikinsu daga wani ƙauye mai nisa aka kawo shi a kan babur, uwar jego ce ɗanye, ba lallai a sake barinta ta fito ba. Wannan hukunci ne da ni na saba yankewa. Idan ban yanke shi a takarda ba, na bar wa wadda za ta ji tsoron a ce ta yi almubazzaranci da kayan da ba nata ba. Mai riƙon ƙwarya kullum ya fi mai abu tsoro, saboda haka dole ka ba shi izini a rubuce.

Sashe na biyu na daren ranar ne da wayewar gari:

"DAREN YAU. Matar da ke naƙuda, idan ta sauka, jaririn ya samu ta ciwon hanta kafin ya cika awa 24, tare da ɗigon shan-inna. Buɗaɗɗiyar kwalbar na kwandon sama ta dama, kwanan watan buɗewa na jikinta, kwananta 12, tana da kyau har 28. Auta, kai za ka duba na'urar firji ƙarfe 4 na yamma da 8 na safe, kullum har Asabar da Lahadi, ka rubuta a jadawalin da ke bango. Idan ka ga lamba ƙasa da 2 ko sama da 8, ko ka ga X, kada ka jira, ka kira Malam a take. Malam, idan ya haura 8 bai sauko ba, a kwashe komai a babban akwatin sanyi a kai asibitin da ke bakin kasuwa, na taɓa yin magana da mai rigakafinsu, lambarta na bayan jadawali."

A lokacin an canza mana firji zuwa mai aiki da hasken rana, ba shi da halin tsohon, kuma a Afrilu zafi ne abin tsoro. Amma na koyi cewa bai isa ka ce wa mutum ya duba abu ba. Sai ka gaya masa me zai gani idan lafiya, me zai gani idan ba lafiya, da wanda zai kira. Anti ta duba na'ura a wancan karon, ta ga X da idonta. Abin da ta rasa layi ɗaya ne da zai ce mata X na nufin tsaya.

Na uku shi ne fitar Alhamis. Duk wata muna zuwa wata ruga mai nisan kilomita tara, kuma na riga na aika wa arɗo. Na rubuta cewa mai babur zai zo ƙarfe bakwai, an biya shi kuɗin zuwa, saura na dawowa, yana cikin ambulan a aljihun teburina na sama. Na rubuta cewa robobin ƙanƙara kada a ɗauko su daga firiza a zuba kai tsaye a kula, a baza su a kan tebur tukuna har sai an girgiza an ji ruwa na motsi a ciki, domin roba mai tauri idan ta jingina da fenta za ta daskarar da ita a hanya kamar yadda ƙasan tsohon firji ya yi. Sannan na ƙara abin da nake ganin ya fi duka amfani a sashen: "Malam, idan ba mai iya zuwa, a aika wa arɗo YAU da yamma, ba gobe da safe ba." Matan rugar suna fasa kai nono kasuwa ranar da za mu zo. Idan suka fasa ciniki suka zauna jiranmu ba mu zo ba, wata mai zuwa ba za mu tarar da kowa ba. Soke fitar ba laifi ba ne, soke ta a makare ne laifi, kuma wanda bai saba zuwa ba ba zai san haka ba.

Daga nan na ja layi na rubuta, "WAƊANNAN SU JIRA NI," na sa rahoton wata, da bin sawun yaran da suka tsallake allura, da lissafin kason wata mai zuwa. Na ce idan ban dawo ba har Litinin, Malam ya kira ni mu cike rahoton ta waya. Da farko na ɗauka wannan sashen ɓata tawada ne. Daga baya Malam ya ce mini shi ya fi yi masa amfani, domin mutum uku ne za su ɗauki aikin mutum huɗu, kuma da ban faɗi abin da za a bari ba, da sun raba ƙarfinsu a kan komai daidai wa daida. Na rufe da abubuwa biyu da ba a yi: kada a sa ruwan sha a firjin allura komai zafi, kuma duk kwalbar da aka yi shakka a kanta kada a yi amfani da ita, kada kuma a jefar, a sa ta a leda a rubuta, a bar ta cikin sanyi har jami'in ƙaramar hukuma ya gani.

Akwai abin da na ƙi rubutawa da gangan. Wata mata tana kawo ɗanta ranar Juma'a da azahar, lokacin da gari ya tafi masallaci, saboda a gidansu ba a yarda da allura ba, katin ma a wurina take barinsa. Juma'ar nan ce ranar fentarsa ta uku. Takardar miƙa aiki a kan tebur take kwana, Auta zai karanta, mai shara zai gani, wanda ya zo karɓar magani zai iya leƙawa. Na ja Anti gefe na gaya mata a kunne, na nuna mata inda katin yake. A takarda na sa kawai, "Juma'a, Anti ta sani." Haka lambar sirrin wayar asibiti, ita ma baki da baki na ba Malam.

Da mai babur ya iso na miƙa wa Anti takardar na ce ta karanta a gabana. Ta karanta, ta tsaya a wuri ɗaya ta ce, "Wace kular? Biyu ne shuɗɗa." Gaskiyarta. Ɗaya murfinta ya tsage, ni kaɗai na san ba na fita da ita. Na karɓi biro na ƙara, "mai igiya ja." Minti ɗaya ya ci, ina tsaye da jaka a kafaɗa zuciyata tana Zariya.

Kada in sa ku ɗauka na zama gwana. Muna isa Kwanar Dangora na sa hannu a jaka zan biya kuɗin mota, sai na ji makullin sito, inda sirinji da babban akwatin sanyi suke. Na rubuta awa, na rubuta digiri, na rubuta launin igiya, na taho da makulli. Sai da na roƙi mai babur ɗin da ya kawo ni ya koma da shi, na ƙara masa kuɗin mai. Kwana tara na yi a Zariya. Sau biyu kacal aka kira ni, ɗaya a kan rahoto, ɗaya Anti ce ke gaya mini matar Juma'a ta zo.

Da na dawo na zauna na raba takardar gida biyu, don na lura fiye da rabin abin da na rubuta cikin gaggawa ba ya canzawa: iyakar sanyi, ma'anar X, wace allura ke zama a wane kwando, yadda ake shirya robobin ƙanƙara, inda za a kai kaya idan firji ya tsaya, lambobin waya, da inda makulli na biyu yake, don yanzu akwai na biyu a wurin Malam. Wannan na rubuta shi da babban baƙi a shafi ɗaya, na sa a leda na manna a bango saman firji. Na ba Auta ya karanta ya nuna mini da hannu abin da zai yi a kowane layi, ni kuma na yi shiru ban taimaka masa ba. Wuri uku ya tsaya yana kallona, wuri ukun na sake rubutawa. A ɗaya na rubuta "a sanar da ofis," ya ce wane ofis ɗin, na wa, idan kuma Lahadi ce fa? Abin da ya rage wanda sai ranar tafiya za a rubuta shi ne me ke buɗe yanzu, wa na yi wa alkawari, me zai faɗo a kwana uku masu zuwa. Wannan ba ya wuce rabin shafi.

Yaran nan goma sha ɗaya na hunturun farko, goma muka samu muka sake musu. Na goma sha ɗayan ɗan wasu makiyaya ne da suka sauka kusa da mu na ɗan lokaci. Ranar da muka isa inda suke sai toka da shingen ƙaya muka tarar, an ce sun yi kudu da shanu. Uwarsa na ɗauke da kati mai cewa ya samu fenta ta biyu ranar Laraba, da sa hannun Anti a kai. A tsohuwar rijista na zagaye layinsa da jan biro, kuma duk sanda muka je ruga nakan tambayi arɗo ko ya ji labarin inda suka sauka. Zuwa yanzu yaron ya isa shiga makaranta.